Wasiƙar da 'Yan Aji Shida Suka Haddace

A duk shekarun da na yi ina koyar da bayoloji, rubutu ɗaya tak na yi da ya samu karɓuwa, shi ma ba littafi ba ne, wasiƙa ce. Na rubuta ta ina zaune a kan tabarma a tsakar gidanmu a Kabo, ina jego, jikina duk warin ganyen darbejiya. Ta yi farin jinin da har 'yan aji ɗaya, waɗanda ba su san mene ne ƙwayar halitta ba, suna rera ta a bakin famfo. Marubuta da yawa za su so irin wannan. Ni kam har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata ta kwana a ƙasar Gwarzo, kuma ni kaɗai ce malamar bayoloji tun daga aji huɗu har aji shida. Cikina na fari ne. A gidanmu haihuwar fari ba a yin ta a ɗakin miji, gida ake komawa, kuma Inna ba ta san wani abu wai shi jadawalin jarrabawa ba. Na ce mata yarana za su zauna jarrabawar fita, ta ce yaran wa, ai naki ɗaya ne, shi ma bai zo ba tukuna. Haka na tattara na tafi Kabo, da buhun kayan jariri a hannu ɗaya, takardun jarrabawar gwaji da ban gama makin ba a ɗayan.

Waɗannan takardu su suka tayar mini da hankali. Bayan suna na samu sukunin buɗe su. Tambayoyin zaɓi ba laifi, yara sun iya canki-canka. Amma dogayen tambayoyi, musamman a kan ƙwayar halitta, abin ba a cewa komai. An ce kawo bambanci huɗu, yarinya ta zazzage duk abin da ta sani tun daga wanda ya fara ganin ƙwayar har zuwa yau, shafi biyu cur, babu bambanci ko ɗaya a ciki. An ce zana, ta ɗauki biro ta yi ta ƙawata abu da ɗige-ɗige da inuwa kamar mai zanen lalle. Ba su da laifi sosai. Tun a aji huɗu aka yi darasin, na yi alkawarin za mu maimaita kafin jarrabawa, ga ni nan ana dafa ni da ruwan zafi safe da yamma a tsakiyar bazara.

A cikinsu akwai wadda na fi damuwa da ita, monitar ajin. 'Yar Mainika ce, siririya, ba ta da hayaniya, kuma ta haddace Alƙur'ani tun kafin ta shigo aji huɗu. Burinta ɗaya ne, ta shiga makarantar ungozoma. Ta taɓa gaya mini yadda ake ɗora mata masu naƙuda a kan babur daga garinsu zuwa Gwarzo, ta ce ita dai tana so a ce akwai wadda za a buga wa ƙofa a Mainika. Sauran darussa ba ta da matsala da su. Kiredit a bayoloji take nema, ba a shiga sai da shi. Mahaifinta mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce in takarda ta ba ta hanya ta tafi da albarkarsa, in ba ta ba ta ba, ga aji nan yana jiran ta a Islamiyyar unguwa, ba za a yi ta zaman maimaici ba.

Kada a ɗauka hadda kawai ta iya. Ranar da na ɓare fatar albasa na sa a madubin ƙara girma guda ɗaya da muke da shi, yara suka yi layi suna leƙawa, kowacce ta ce ta gani ta wuce. Ita ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago sai ta ce, "Malama, ai kin ce ƙwayar tsiro tana da koren nan, chloroplast. Ban ga kore ba a nan." Na ce mata albasa a cikin ƙasa take girma, rana ba ta kai gare ta, ganyenta ne ke da koren. Na ji daɗin tambayar har cikin raina. Bayan an tashi sai ga ta a ƙofar ofis, ta durƙusa har ƙasa, wai in yafe mata, Allah ya sa ba ta yi rashin kunya ba da ta ce ba ta ga abin da na faɗa ba. Na yi dariya na sallame ta. A lokacin na ɗauka ladabi ne kawai.

To, na yanke shawarar rubuta musu wasiƙa. Da Hausa na yi ta, sai sunayen sassa kawai na bari da Turanci, don kada wata ta ce ba ta gane ba. Inna tana wucewa da kwanon kunun kanwa tana harara ta. A ganinta mai jego aikinta uku ne: ta ci, ta yi wanka, ta ba da nono. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin wadda ta haihu ta zauna tana rubuta wa 'ya'yan wasu takarda ba, nata na kwance yana tsotsar hannu. Na ce mata ilimi ne. Ta ce to ilimin ya sha kunun kafin ya huce.

Ga abin da wasiƙar ta ce, bayan sallama da gaisuwa:

"Ya ku ɗalibaina 'yan aji shida, kafin ki ɗauki fensir, karanta tambaya sau biyu. Ja layi a ƙarƙashin abin da aka ce ki yi, da kuma abin da aka ce ki yi a kansa. In an ce lissafa, jero su a taƙaice. In an ce bayyana, fara daga waje ki shiga ciki, kowane sashe ki faɗi yadda yake da aikin da yake yi. Dubi makin da aka rubuta a gefen tambaya, shi zai gaya miki yawan abin da ake so. Mai maki ba ya biyan ki don kin san abu da yawa, abin da ya tambaya kawai yake nema.

"In an ce zana, da fensir mai tsini za ki yi, layi ɗaya tsaf, ba karce-karce, ba inuwa, ba kala. In an faɗi tsawon zane, auna da rula. Rubuta sunan zanen. Layin da zai nuna kowane sashe ki ja shi da rula, ya taɓa sashen, kada ya haye wani layin, kada ki yi masa kan kibiya. Sunan sashe in kin ɓata harafi ɗaya kin yi asarar makinsa.

"In an ce kawo bambanci a tebur, kowane layi ya ɗauki abu ɗaya ta fuska biyu. Ƙwayar tsiro tana da bango, ta dabba ba ta da shi. Ta tsiro tana da chloroplast, ta dabba babu. Ta tsiro tana da vacuole babba, wato jakar ruwa, ta dabba ƙanana ne in ma akwai. Ta tsiro tana ajiye abinci a matsayin starch, ta dabba glycogen. Kada ki cika gefe ɗaya ki bar ɗayan fayau."

Daga nan na bi ayyukan sassa ɗaya bayan ɗaya: nucleus shi ke tafiyar da ayyukan ƙwaya kuma a cikinsa gado yake, tantanin da ya kewaye ƙwaya shi ke tace abin da zai shiga da wanda zai fita, a mitochondria ake fitar da ƙarfi daga abinci, ribosome ke haɗa furotin. A shafin ƙarshe na zana musu ƙwayar tsiro, don ita ta fi yawan sassa, duk ƙa'idojin za su fito a jikinta. Zanen ya yi kyau, ba yabon kai ba. Bango layi biyu, komai a wurinsa, sunaye a jere a dama. A ƙarƙashinsa na rubuta da manyan baƙaƙe: "Wannan misali ne kawai. In ta dabba aka tambaya, cire bango, cire chloroplast, cire babban vacuole, ki dawo da nucleus wajen tsakiya."

Maigidana ya zo duba mu ranar Juma'a, na ba shi wasiƙar ya kai wa malamar kemistiri, ƙawata, ita kuma ta miƙa wa monita.

Bayan kamar mako biyu ƙawar tawa ta kira ni tana dariya. Ta ce, "Ke, wasiƙarki ta zama karatu. Saurara." Ta ɗaga wayar ta tagar aji. Sai na ji muryar monita, siririya, tana jan baƙi: "Kafin ki ɗauki fensir." Aji duka suka amsa da ƙarfi: "Kafin ki ɗauki fensir." "Karanta tambaya sau biyu." "Karanta tambaya sau biyu." Ashe monitar ta rarraba wasiƙar gaɓa-gaɓa yadda ake yi a Islamiyya, kullum a biya gaɓa ɗaya, washegari kowacce ta kawo hadda kafin a ƙara mata. Wadda ta ci gyara uku sai ta koma baya. Zanen kuma ta kwafe shi a allo, ta hana a goge, kowace yarinya sai ta zana shi da ka, a gwada da na Malama.

Wallahi daɗi na ji. Na sa wayar a kunnen Inna, na ce ta ji abin da 'ya'yan wasu suke yi da takardar da ta raina. Ta saurara, ta ce muryar mai jan baƙin tana da daɗi, wace sura ce? Na karɓe wayata.

An yi jarrabawar bayoloji ban yi arba'in ba. Ranar Asabar da ta biyo baya sai ga ƙawata ta cika mota da wasu daga cikin 'yan ajin, sun zo barka. Sun haɗo mini sabulu da 'yar riga, suka cika tsakar gida da surutu, jariri yana yawo daga hannu zuwa hannu. Tun kafin su gama gaisuwa wata ta ce, "Malama, ta fito. Wasiƙarki ta fito gaba ɗaya." Suka hau yi mini addu'a. Wata har cewa ta yi a makaranta ana ta raɗe-raɗin ko na ga takardar ne tun kafin a buga.

Na ce su ba ni takardar tambayoyin. Monita ce ta ciro ta daga jaka, a ninke tsaf, ta miƙo da hannu biyu.

Tambayar kashi uku ce. Na biyu ayyukan wasu sassa, na uku bambanci a tebur. Na farko kuwa, wanda ya fi kowanne maki, cewa aka yi a zana ƙwayar halittar dabba a sa sunayen sassanta.

Na ce, "Me kuka zana?"

Suka haɗa baki, "Zanenki, Malama."

Na ce, "Da bango?"

Wata ta ce, "Layi biyu, yadda kika yi."

Wanda bai taɓa makin jarrabawa ba ba zai gane ba. In an ce zana ta dabba ka zana ta tsiro, ba a duba kyan layinka, ba a duba rularka. Ba abin da aka tambaya ba ne, an soke, shi ke nan. Na ce musu, "Me na rubuta a ƙarƙashin zanen?" Ai kuwa kamar na kunna rediyo. Tsakar gidanmu ta ɗauka: "Wannan misali ne kawai. In ta dabba aka tambaya, cire bango, cire chloroplast…" Har ƙarshe, babu wadda ta yi tuntuɓe. Inna ta leƙo daga madafi tana cewa masha Allah.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma nuna. Na ce musu aku ma in aka biya masa zai maimaita, shi dai ba a biya masa kuɗin jarrabawa. Na ce wace irin ƙwaƙwalwa ce za ta riƙe "karanta tambaya sau biyu" ta kasa karanta ta sau ɗaya? Wasu sai a lokacin suka karɓi takardar suna dubawa, suna salati ƙasa-ƙasa. Sun ga kalmar ƙwaya, sun ga kalmar zana, hannu ya tafi da kansa. Ƙawata ta taɓa ni ta ce in sassauta, mai jego ce ni, kuma baƙi ne.

Da sauran suka shiga ɗaki gaida Inna sai na riƙe monita. Na ce, "Ke ma ba ki karanta ba?"

Ta ce, "Na karanta, Malama. Sau biyu. Na ja layi a ƙarƙashin dabba."

Na ji sanyi a raina. Na ce, "Alhamdu lillahi. To ke kin tsira."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Ta ce, "Na zana ta dabbar. Na cire bango, na cire koren, na kawo nucleus tsakiya. Na auna da rula, na sa sunaye."

"To?"

"Da na gama sai na dube shi. Malama, bai yi kama da naki ba ko kaɗan. Wani iri ya yi, kamar ƙosai. Sunayen ma ba su kai naki yawa ba. Sai na ji tsoro. Na ce ni wace ce da zan miƙa zanen kaina, ga na Malama a kaina tsaf? Lokaci bai ƙure ba, sai na goge."

Na ce, "Kika goge."

"Na goge sosai, babu alamar da ta rage. Kin ce ba a son datti."

Yarinyar nan ta zana daidai, da hankalinta, ita kaɗai a cikin aji guda. Ƙwayar dabba ai dama haka take, ba ta da bangon da zai tsayar mata da siffa, ƙosan shi ne amsar. Ta samu makin a hannunta, sannan ta sa abin gogewa ta kankare shi don girmama ni. Na so in yi mata faɗa, na rasa ta inda zan fara. Me zan ce? Kada ki ƙara ganin girman malaminki? Tun tana 'yar shekara biyar ake koya mata cewa abin da malam ya biya ba a ƙara masa wasali, ba a rage masa, kuma da wannan ta kai inda ta kai. Na ce ta je ta ci abinci.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malama, zanen dai ya fito kamar naki sak. Da kin gani da kin ji daɗi."

Na yi ta lissafi a zuci har na koma aiki. Kashi na biyu da na uku na san ta cinye su. Akwai tambayoyin zaɓi, akwai jarrabawar aiki da hannu. Na ce wataƙila su rufe ramin. Da sakamako ya fito, ta samu kiredit a duk sauran darussa. A bayoloji ta samu fas, matakin da ke ƙarƙashin kiredit daf da daf. Ba zan rantse cewa zanen ne kaɗai ya jawo ba, ba a nuna wa kowa takardarsa. Amma na san yawan makin da ta goge, na kuma san tazarar ba ta da faɗi.

Na je Mainika da kaina, da goyo, na roƙi mahaifinta ya bar ta ta sake zama. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka dama mini fura, ya gode da irin ƙoƙarin da na yi wa 'yarsa, har ya ce ya ji labarin wasiƙar. Sannan ya ce magana an riga an yi ta tun farko, kuma yaran unguwa sun fara zuwa wurinta.

Tun daga shekarar ban ƙara ba ɗalibai zane ɗaya ba. Biyu nake yi a allo, gefe da gefe, na tsiro da na dabba, kuma da gangan nake karkata layin don kada ya yi kyan da za a ji tsoron sa. In yarinya ta kawo mini nata ya yi kama da nawa sak, sai in ce ta rufe littafi ta sake wani. Suna cewa Malamar bayoloji ba a iya mata. Ita kuwa ainihin wasiƙar ban san inda ta shiga ba. An ce ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ta yage.

Shekaru sun ja, ina da ciki na huɗu, na je awo asibiti a Gwarzo. A kan benci wata mata ta matsa mini wuri, sai kuma na ga ta zame ƙasa ta durƙusa. Monita ce, ita ma da nata cikin, a babur aka kawo ta daga Mainika. Muka gaisa, na tambayi gida da yara da makaranta. Ta ce ɗalibanta uku sun sauke bana. Wata ungozoma, yarinya ƙarama da ba ta kai ta shekaru ba, ta fito da farin kaya tana kiran lamba tana daka wa mutane tsawa. Monita ta bi ta da kallo har ta shige.

Sai na ce mata wasiƙar nan ta ɓata, ko kwafi ba ni da shi. Ta ce, "Ai tana nan, Malama." Ta gyara zama, ta rufe ido, ta fara daga sallama. Ni kuma na ciro biro na juya bayan wata takarda ina rubutawa, abin da kuka karanta a sama daga bakinta na samo shi. Matan da ke kan bencin suka kasa kunne, wata tsohuwa har da ɗaga hannu, ta ɗauka addu'a ce. Ta bi ta tiryan-tiryan, karanta tambaya sau biyu, mai maki abin da ya tambaya kawai yake nema, har ta kai wannan misali ne kawai.

Ta buɗe ido ta ce, "Na ci gyara, Malama?"

Na ce, "Ko ɗaya ba ki ci ba."

Ta yi murmushi. Aka kira lambarta, ta tashi ta shiga wurin ungozoma.